Ƙarancin jini na fashewar ƙwayoyi: Yadda gwaje-gwaje uku ke tona asirinsa

Idan aka ce mutum yana da ƙarancin jini, abin da ya fi zuwa a zukatan jama'a shi ne rashin cin abinci mai gina jiki, ko zubar jini wajen haihuwa, ko tsutsar ciki. Waɗannan dalilai ne na gaskiya, kuma su ne suka fi yawa. Sai dai akwai wani nau'in da hanyarsa ta bambanta: jiki yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini yadda ya kamata, ba a ga jini ya zuba ko'ina ba, amma ƙwayoyin suna fashewa kafin kwanansu ya ƙare. Wannan shi ne abin da ke faruwa ga mai cutar sikila, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, da kuma mutumin da jikinsa bai jure wani magani ba.

Babu gwaji guda ɗaya da ke tabbatar da wannan matsala shi kaɗai. Likita yakan haɗa sakamako uku ne: bilirubin ya hau, haftogulobin ya sauka, retikulosayit sun ƙaru. Kowannensu sawu ne da fashewar ƙwayar jini ke bari a baya, kuma wanda ya san yadda ƙwayar ke rayuwa da yadda take mutuwa zai gane dalilin da ya sa ake karanta su tare.

Kwana 120 na ƙwayar jini

A cikin ɓargo ake ƙera jar ƙwayar jini. Idan ta fito, takan yi kimanin kwana 120 tana yawo a jijiyoyi, ɗauke da sinadarin hemogulobin, wanda ke kai iskar numfashi ga sassan jiki. Idan ta tsufa ta yi tauri, sai saifa ta tace ta, wasu ƙwayoyi masu share dattin jiki su haɗiye ta su wargaza ta. Kowace rana kusan kashi 1 cikin 100 na jajayen ƙwayoyin mutum ke mutuwa ta wannan hanya, ɓargo kuma ya mayar da gurbinsu, shi ya sa mai lafiya ba ya jin komai.

Matsala tana tasowa ne idan kwanakin nan suka ragu ƙwarai. Ƙwayar jinin mai sikila, alal misali, ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Ɓargo mai lafiya yana iya ninka aikinsa sau shida zuwa takwas domin ya cike giɓi, saboda haka akwai waɗanda ƙwayoyinsu ke fashewa da wuri amma jininsu bai ragu ba. Ƙarancin jini yana bayyana ne a lokacin da ɓarna ta fi ƙarfin gyara.

Fashewar tana aukuwa a ɗayan wurare biyu. Wani lokaci a cikin saifa da hanta ake cinye ƙwayoyin, kamar yadda aka saba, illa dai an yi gaggawa. Wani lokaci kuma a cikin jijiya suke fashewa, hemogulobin ya zube kai tsaye cikin ruwan jini. Na biyun ya fi zuwa da zafi, domin shi ne ke mayar da fitsari launin baƙin shayi, yana kuma iya lahanta ƙoda.

Bilirubin: launin da ke fitowa a ido

Idan aka wargaza hemogulobin, jiki ba ya zubar da komai a banza. Yakan adana sinadarin ƙarfen da ke ciki domin ƙera sababbin ƙwayoyi. Abin da ya saura sai ya koma wani sinadari mai launin rawaya, wanda ake kira bilirubin. Wannan ɗanyen bilirubin ba ya narkewa a ruwa, don haka ƙoda ba ta iya fitar da shi. Dole ne a kai shi hanta, ta sarrafa shi ya zama mai narkewa, sannan ta tura shi cikin matsarmama zuwa hanji, inda yake ba bayan gida launinsa.

Saboda haka takardar gwaji takan nuna bilirubin kashi biyu. Ɗanyen, wanda bai bi ta hanta ba tukuna, shi ake rubutawa Indirect. Sarrafaffen, wanda hanta ta gama aiki a kansa, shi ake rubutawa Direct. A jikin babban mutum mai lafiya jimillarsu ba ta cika wuce miligiram 1.2 a kowace desilita ba. Idan ta kai wajen 2.5 zuwa 3, farin ido yakan fara yin rawaya, wato abin da Bahaushe ke kira shawara.

Idan ƙwayoyi suna fashewa da yawa, hanta lafiyarta ƙalau, aiki ne kawai ya yi mata yawa. Ɗanyen bilirubin ne ke taruwa yana jiran layi, har ya kai sama da kashi 80 cikin 100 na jimillar. Kuma da yake hanta tana da ƙarfin aiki, jimillar ba ta cika wuce miligiram 4 zuwa 5 ba a jikin babba. Idan aka ga ta haura haka nesa, ko kuma sarrafaffen ne ya fi yawa, sai likita ya juya hankalinsa ga hanta ko toshewar hanyar matsarmama.

Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai a ƙasarmu, inda ake ɗaukar duk rawayar ido a matsayin ciwon hanta. Shawarar da toshewar matsarmama ta kawo takan zo da ƙaiƙayin jiki da bayan gida fari-fari. Wadda fashewar jini ta kawo kuwa takan zo ne da kasala, da bugun zuciya, da haki, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, bayan gida kuma ya riƙe launinsa.

Haftogulobin: mai sharar da ke ƙarewa a bakin aiki

Hemogulobin yana da amfani ne muddin yana cikin ƙwayarsa. Idan ya zube a ruwan jini sai ya zama guba, ya lahanta bangon jijiyoyi da ƙananan bututun ƙoda. Domin kare wannan, hanta tana ƙera wani sinadari mai suna haftogulobin, wanda aikinsa shi ne ya damƙe duk hemogulobin da ya zube. Da zarar ya damƙe shi, sai a kwashe su biyun tare a wargaza su. Haftogulobin ba ya dawowa daga wannan aiki.

Ga dalilin da ya sa shi yake sauka alhali sauran suna hawa. Idan fashewar ta yi yawa, ana cinye shi fiye da yadda hanta ke iya ƙera sabo. A yawancin ɗakunan gwaji ma'auninsa na lafiya yana tsakanin miligiram 30 da 200 a kowace desilita. Idan ya faɗi ƙasa da 25, alama ce mai ƙarfi cewa ƙwayoyi suna fashewa. Ya fi faɗuwa idan fashewar a cikin jijiya take, amma ko a saifa take yakan ragu, domin wani hemogulobin yana tsiyayowa. Idan kuma ya ƙare ƙaf, hemogulobin ya rasa mai kama shi, sai ya bi ta ƙoda ya fito a fitsari.

Gwajin yana da iyakarsa. Mai tsohon ciwon hanta ba ya ƙera haftogulobin sosai, don haka nasa zai yi ƙasa ko da babu fashewa. Jarirai ma ba su da shi da yawa a watanninsu na farko. A ɗaya ɓangaren, jiki yakan ƙara ƙera shi a lokacin zazzaɓi ko kumburi, sai a ga ma'auninsa daidai alhali ɓarna tana gudana. Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu: tun a 1958 wani bincike da aka yi a kan jinin 'yan Najeriya ya nuna cewa mutane da yawa da ke yawo lafiya ba a samun haftogulobin a jininsu, kuma daga baya masana suka danganta mafi yawan hakan da zazzaɓin cizon sauro da ke fasa ƙwayoyi a hankali. Saboda haka ƙarancinsa shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Retikulosayit: amsar da ɓargo ya bayar

Gwaje-gwajen biyu na farko suna ba da labarin ɓarna. Na uku yana ba da labarin gyara. Idan jini ya ragu, ƙoda ce ke fara jin ƙarancin iskar numfashi, sai ta aika wa ɓargo saƙo ta wani sinadari cewa ya ƙara himma. Ɓargo sai ya riƙa sako ƙwayoyi matasa waɗanda ba su gama nuna ba. Su ake kira retikulosayit, kuma a ƙa'ida kwana ɗaya ko biyu suke yi a jini kafin su zama cikakku. A jikin babba mai lafiya suna tsakanin kashi 0.5 da 2.5 cikin 100 na jajayen ƙwayoyi.

Yawansu yana nuna cewa masana'antar tana aiki, kayan ƙira ma akwai su. Mai ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe ba zai iya sako su da yawa ba, domin ba shi da abin da zai ƙera su da shi. Mai fashewar jini kuwa nasa sukan kai kashi 5, ko 10, har ma 20.

Abu biyu ne ya kamata a kiyaye wajen karanta wannan adadi. Na farko, ɓargo ba ya amsawa nan take. Yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin a ga ƙari, ya kai ƙololuwa a wajen kwana bakwai zuwa goma, don haka gwajin da aka yi a ranar farko yana iya fitowa daidai. Na biyu, adadin kaso ne na ƙwayoyin da suka rage. Idan tsofaffin sun ragu da rabi, kason matasan zai ninka ko da ɓargo bai ƙara komai ba. Shi ya sa ake gyara lissafin da ma'aunin PCV, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka cinye a cikin jini, kamar yadda za a gani a misali.

Misali daga ɗakin likita

A ɗauka wani saurayi ne ɗan shekara 24, wanda aka ba shi maganin dafson saboda wata cutar fata. Bayan kwana uku ya fara jin kasala, fitsarinsa ya yi duhu. A rana ta bakwai aka kawo shi asibiti yana haki, idanunsa sun yi rawaya. Ba ya zazzaɓi, kuma bai yi aman jini ko baƙin bayan gida ba.

Gwajin farko ya nuna hemogulobin giram 8 a kowace desilita, alhali namiji babba ya kamata ya kai 13 ko fiye. PCV ɗinsa 24 ne. An tabbatar da ƙarancin jini ke nan, saura a gano ko ƙira ce ta tsaya, ko jinin ya zuba, ko kuwa fashewa yake yi.

Retikulosayit sun fito kashi 12. Domin a gyara, sai a ninka 12 da PCV ɗinsa, wato 24, a raba da 45, wanda ake ɗauka a matsayin ma'aunin lafiya. Amsar ita ce 6.4. Akwai gyara na biyu: idan PCV ya sauka zuwa wajen 25, ɓargo yana sako ƙwayoyin tun suna ɗanyu sosai, sai su ninka kwanakin da suke yi kafin su nuna, a ƙirga su fiye da sau ɗaya. Saboda haka a kan raba da 2, a samu 3.2. Duk abin da ya haura 2 zuwa 3 yana nuna ɓargo ya amsa kira. Ƙira ba ta tsaya ba ke nan. Saura zuba ko fashewa.

Jimillar bilirubin ta fito 4.2, sarrafaffe 0.5, ɗanye 3.7. Ɗanyen ya kai kashi 88 cikin 100. Gwajin ALT, wanda ke hawa idan ƙwayoyin hanta sun lalace, ya fito daidai. Haftogulobin kuwa ƙasa da 10. Wanda jininsa ya zuba waje, ta rauni ko ta gyambon ciki, retikulosayit ɗinsa za su hau, amma bilirubin da haftogulobin za su zauna daidai, domin ƙwayoyin sun bar jiki da hemogulobin ɗinsu. A jikin wannan saurayi kuwa tarkacen yana nan, mai sharar ya ƙare, ɓargo yana gudu. An ƙara da gwajin LDH, wani sinadari da ke cike a cikin jar ƙwaya, aka same shi 900, kusan ninki uku na iyakar da aka saba. Fashewa ce.

Daga "yana fashewa" zuwa "me ke fasa shi"

Gwaje-gwajen uku sun tsaya a nan. Ba su faɗin dalili. Domin a gano shi sai a shimfiɗa ɗigon jini a kan gilashi a duba da madubin likita, a nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyi masu siffar lauje. Sai a yi gwajin da Robin Coombs da abokan aikinsa suka fito da shi a Ingila a 1945, wanda ke nuna ko garkuwar jiki ce ke kai wa ƙwayoyin hari. A jinin saurayin ba a ga zazzaɓi ba, rukunin jininsa AA ne, gwajin garkuwar ma bai nuna komai ba. Abin da aka gani shi ne ƙwayoyi masu giɓi a gefe, kamar an gatsa su.

Wannan siffa tana nuni ga ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare jar ƙwaya daga wasu magunguna da sinadarai masu ƙona hemogulobin. Idan kariyar ta gaza, hemogulobin yakan dunƙule a cikin ƙwaya, saifa ta cizge dunƙulen ta bar giɓi. Gado ne da ke bi ta wajen uwa zuwa ɗa, shi ya sa ya fi kama maza. An gano shi a 1956 a Amurka, wajen binciken dalilin da ya sa maganin firimakwin ke fasa jinin wasu mutane. Kimanin mutum miliyan 400 ke ɗauke da shi a duniya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ya fi yawa. Akasarinsu ba su san suna da shi ba sai ranar da suka haɗu da abin da ke tayar da shi: dafson, ko firimakwin, ko ƙwallon kafur da ake sa wa tufafi, ko zazzaɓi mai tsanani. An kuma samu jarirai masu wannan gado da jininsu ya fashe bayan an shafa musu lalle a jiki. A 2008 an janye wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai ɗauke da dafson daga kasuwa saboda wannan illa ga yaran Afirka.

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Idan aka auna G6PD ɗin saurayin a wannan mako, yana iya fitowa daidai. Dalili kuwa shi ne, a nau'in da ya fi yawa a Afirka, tsofaffin ƙwayoyi ne ke rasa sinadarin, kuma su ne suka riga suka fashe. Matasan da suka cika jinin yanzu suna da shi isasshe. Haka ma idan an yi ƙarin jini, ƙwayoyin wani ake aunawa. Ƙa'ida ita ce a sake gwajin bayan kimanin wata uku. Kafin nan a tsayar da maganin, a ba shi ruwa sosai domin kare ƙoda, a riƙa bin PCV kullum, a ƙara jini idan ya ci gaba da faɗuwa ko numfashi ya yi wuya. Da yake matasan ƙwayoyin suna da kariya, fashewar takan lafa, jini ya dawo cikin 'yan makonni.

Idan alamomin suka saɓa wa juna

Akwai lokutan da biyu suka nuna fashewa, na ukun ya ƙi. Mafi haɗari shi ne na yaro mai sikila. A kullum retikulosayit ɗinsa suna sama, domin da su yake rayuwa. Idan wata ƙwayar cuta mai suna fabobairas B19 ta kama shi, takan tsayar da ƙirar jini na kimanin kwana bakwai zuwa goma. Mai lafiya ba zai ji ba, amma wanda ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 20 jininsa zai faɗi warwas. A takardarsa za a ga retikulosayit sun koma kusan sifili. Ga irin wannan yaro, adadin da ya yi kama da na mai lafiya ma abin tsoro ne, kuma sau da yawa ƙarin jini ne mafita. A ƙasar da ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a shekara, wannan abu ne da ya kamata iyaye su sani.

Haka kuma mai ƙarancin bitamin B12 yana iya nuna ɗanyen bilirubin sama, LDH sama ƙwarai, haftogulobin ƙasa, amma retikulosayit ƙasa, domin ƙwayoyinsa suna mutuwa ne tun a cikin ɓargo kafin su fito. Akwai kuma waɗanda suka gaji jinkirin hanta wajen sarrafa bilirubin, idanunsu su ɗan yi rawaya idan sun yi azumi ko zazzaɓi, alhali jininsu da sauran gwaje-gwajen lafiya lau.

Gwajin haftogulobin ba a kowane asibiti ake samunsa ba, galibi sai manyan asibitocin koyarwa da wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Inda babu shi, PCV da bilirubin kashi biyu da ƙirgar retikulosayit da duban jini a gilashi sukan isa a gane inda aka dosa. Gwajin fitsari ma yana taimakawa: idan tsinken gwaji ya nuna jini amma madubi bai ga jajayen ƙwayoyi ba, ana zargin hemogulobin ne ya zubo.

Abin da ya rage ga majinyaci da iyalinsa shi ne su kai wa likita cikakken labari: duk maganin da aka sha a makonni uku da suka wuce, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani, wadda a wasu mutane fashewar jini kan biyo bayanta da mako ɗaya zuwa uku. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da ake saya a kemis ba ya tsayar da fashewa, kuma ga mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini yana iya tara ƙarfe ya cutar. Rawayar ido tare da fitsari mai duhu da haki, ko rawayar jariri a ranar da aka haife shi, abu ne na zuwa asibiti a ranar da aka gan shi.